Cin Ruwa a Tsakanin Yatsun Ƙafa: Me Ya Sa Yake Dawowa Bayan An Shafa Magani?

Cin ruwa yana da wurin da ya fi son farawa, wato lungun da ke tsakanin ƙaramin yatsan ƙafa da na kusa da shi. Da farko fatar wurin takan yi fari ta yi laushi, sannan ta fara saɓa. Ƙaiƙayin ya fi tashi da zarar an cire takalmi da safa, har mutum ya riƙa goga wurin da bakin safa don ya ji sanyi. Idan abin ya yi nisa sai fatar ta tsage, ruwan alwala ya taɓa wurin a ji raɗaɗi har tsakiyar kai. Kuma kukan masu fama da shi kusan iri ɗaya ne: an sayi magani a kemis, an shafa, ya lafa, bayan wata ɗaya ko biyu ga shi ya dawo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ciwon ba ya jin magani, ko kuma a jini yake.

Ba a jini yake ba, kuma yana jin magani sarai. Abin da yake faruwa a mafi yawan lokuta shi ne an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ana daina shafa magani ranar da ƙaiƙayi ya tsaya, ko kuma tun farko ba maganin da ya dace aka saya ba, sannan a mayar da ƙafar cikin damshin da ya haifar da matsalar.

Abin da ke cin fatar wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna, wadda ma'aikatan lafiya ke kira fangas. Dangi ɗaya suke da wadda ke haddasa makero a kan yara. Ba ta shiga nama, ba ta shiga jini. Abincinta shi ne mataccen ɓawon fata na can sama, da farce, da gashi. Tana buƙatar ɗumi da damshi kafin ta yaɗu, shi ya sa ta zaɓi lungun ƙaramin yatsa: nan ne ya fi matsewa, takalmi kuma yana ƙara danne yatsun biyu, iska ba ta ratsawa, ruwa ko gumi ya kwana a wurin. Ana ɗaukar ta ne daga ɓurɓushin fatar wani mai ita da ya zuba a daɓen banɗaki, ko wurin alwala, ko cikin silifas ɗin da kowa ke zurawa, ko tawul. Ɓurɓushin nan yana iya ɗaukar watanni da ƙwayar a raye a cikinsa. Amma taka shi kaɗai ba ya isa a kamu. Busasshiyar fata mai lafiya takan kare kanta. Fatar da ta jiƙe ta yi laushi ita ce ke buɗe ƙofa.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa ciwon ya fi damun wasu mutane. Sojoji da 'yan sanda da masu gadi da masu yi wa ƙasa hidima suna wuni cikin but. Masu wankin mota da 'yan garuwa da matan da ke wanki da wanke-wanke suna wuni ƙafa cikin ruwa. Manoman shinkafa a fadama, ko dai su shiga ruwa ba takalmi, ko su sa takalmin roba mai tara gumi. Ɗaliban makarantun kwana suna haɗa banɗaki da silifas. Da damina, musamman watan Agusta, abin ya fi ƙamari saboda takalmi ba ya bushewa. Yara ƙanana kuwa ba kasafai suke kamuwa ba kafin balaga, don haka idan ƙafar yaro ɗan shekara 5 tana saɓa, a fara tunanin wani ciwon fatar daban, a kai shi a duba.

Maganin da ake saya, da wanda ya kamata a saya

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan zan fi daɗewa. Idan mutum ya je kemis ya ce ƙafarsa na ƙaiƙayi, abin da aka fi miƙo masa shi ne man shafawa irin wanda ake kira mai aiki uku. A cikinsa an haɗa maganin fangas, da maganin bakteriya, da kuma wani sinadari mai ƙarfi na dangin sitiroyid, galibi betametazon ko kulobetasol. Sitiroyid ɗin nan shi ke sa mutane yabon maganin, domin cikin kwana ɗaya ko biyu yake kwantar da ƙaiƙayi da ja. Sai dai yadda yake yin hakan shi ne ta hanyar danne garkuwar fata a wurin, ƙaiƙayin kuwa alama ce ta faɗan da jiki yake yi da ƙwayar. An tsayar da faɗan, ƙwayar ta samu sarari. Mutum ya ga sauƙi ya daina shafawa a kwana na 3 ko na 4, ciwon ya dawo, ya sake shafawa. Ana cikin haka fatar wurin ta yi siriri, ta riƙa tsagewa da wuri, ciwon ya bazu zuwa bayan ƙafa, kamanninsa ma su sauya har likita ya sha wuya kafin ya gane shi. A ganina wannan man ba shi da gurbi ko kaɗan a maganin cin ruwa da mutum zai yi wa kansa a gida. Wanda zai sayi magani ya nemi a karanta masa abin da ke cikin kwalin, ya ce yana son maganin fangas zalla.

Magungunan fangas na shafawa da ake samu a kemis kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ke faɗa mana tsawon lokacin shafawa. Na farko shi ne tabinafin, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Wannan kashe ƙwayar yake yi, kuma yana zama a cikin fata na wani lokaci bayan an daina shafa shi, shi ya sa ga ciwon da ya tsaya a tsakanin yatsu mako 1 zuwa 2 yakan wadatar. Kashi na biyu su ne kulotirimazol da mikonazol da ketokonazol. Waɗannan sun fi araha kuma sun fi samuwa, amma aikinsu ya fi karkata ga hana ƙwayar hayayyafa. Ke nan sai an ci gaba da shafawa har fatar da ƙwayar ke ciki ta zube sabuwa ta maye gurbinta, fata kuwa tana ɗaukar kusan mako 4 kafin ta sabunta. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a shafa su sau 2 a rana har mako 4. Ƙaiƙayi zai tsaya tun a makon farko, amma ƙwayar tana nan.

Akwai kuma tsohon man Whitfield, mai araha, wanda har yanzu ake bayarwa a asibitoci. Yana aiki, ya fi dacewa da fata mai kauri da ke saɓa, amma yana da zafi a kan tsagaggen wuri, shi ma sai an yi kusan wata ana shafawa. Nistatin kuwa, duk da ana kiransa maganin fangas, ba ya taɓa irin wannan ƙwayar. Wanda aka ba shi don cin ruwa na gaske ya yi asarar kuɗinsa.

Mu ɗauki misalin mai gadi da ke aikin awa 12 cikin but ɗaya, safa ɗaya yake maimaitawa kwana biyu, ƙafarsa ta dama ta fara saɓa a lungu biyu na ƙarshe, akwai 'yar tsaga ɗaya amma ba ruwa ba kumburi. Ya samu kulotirimazol. Da safe zai wanke ƙafafunsa da sabulu, ya ɗauraye sosai, ya bi kowane lungu da tsumma mai tsabta ya tsane, sannan ya ɗan jira mintuna kaɗan iska ta ƙarasa busar da wurin. Zai matso man a kan yatsan hannunsa na nuni, daga kan yatsan zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, ya ishi yatsun ƙafa ɗaya. Zai murza shi a dukkan lungunan 4, da ƙarƙashin yatsu, ya zarce iyakar inda yake ganin ciwo da kamar faɗin yatsa ɗaya, domin ƙwayar takan riga alamarta isa wuri. Shafawa kaɗan ake yi a murza har ya shige. Idan aka cika lungun da mai, an ƙara masa damshi ne. Ƙafar hagu ma zai shafa mata ko da ba ta ƙaiƙayi, tunda tsumma ɗaya da daɓe ɗaya suke haɗawa. Daga nan ya wanke hannu. Da dare ya maimaita, kuma shafawar dare ta fi daɗewa a kan fata tunda ba alwala har asuba. Ta safe kuwa gara a yi ta bayan sallar asuba, yadda maganin zai samu awanni kafin alwalar azahar.

Yanzu a yi lissafi. Rabin giram a kowace ƙafa, ƙafa biyu, sau 2 a rana, giram 2 ke nan kullum. A kwana 28 ya zama giram 56. Idan bututun da ya saya mai giram 20 ne, cikin kwana 10 zai ƙare, kuma sai ya sayi 3 kafin ya kammala. Mutane da yawa a nan suke tsayawa: bututu ya ƙare, ƙaiƙayi ya tafi, sai a ɗauka an gama. Da tabinafin ya samu, bututu ɗaya mai giram 15 zai kai shi mako guda cif. Don haka kafin a ce tabinafin ya yi tsada, a kwatanta kuɗinsa da na bututu 3 na ɗayan.

Abin da zai gani kuwa shi ne, cikin kwana 3 zuwa 7 ƙaiƙayi zai ragu, tsagar ta fara haɗewa. A mako na 2 farin laushin nan zai ja baya. Saɓar fata ita ce ta ƙarshen tafiya. Idan ya kai mako 2 yana shafawa yadda ya kamata amma ba wani canji, ko kuma abin ƙaruwa yake yi, to ba ƙarin bututu yake buƙata ba, ganin likita yake buƙata.

Busar da ƙafa ga mai alwala sau biyar

Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a bar ƙafa a bushe, amma ba a cika faɗin yadda mai wanke ƙafarsa sau da yawa a rana zai yi ba. Alwala ba ita ke kawo ciwon ba. Tsettsefe yatsu ma tsabtace lungun yake yi. Matsalar tana cikin minti biyun da ke biyo baya, lokacin da ake zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da rufaffen takalmi don a koma ofis ko bakin aiki. Ruwan da ya maƙale a lungu ba shi da hanyar fita, kafin ya bushe an sake wata alwalar. Wasu suna ƙin goge ƙafa don suna jin kamar hakan zai rage ladan alwala, alhali a mazhabar Malikiyya tsane gaɓɓai da mayani bayan alwala ya halatta. Ƙaramin hankici na musamman don ƙafa, ko takardar goge hannu, ya wadatar, in dai an bi lungu-lungu. Goge bayan ƙafa da tafinta kawai ba ya taɓa inda ciwon yake. A wurin alwala na masallaci ko tasha kuma mutum ya je da silifas ɗinsa, kada ya tsaya ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe, kada kuma ya zura na haya.

Takalmi shi ne abu na biyu. But ko rufaffen takalmin da aka wuni a cikinsa yana buƙatar aƙalla awa 24 kafin ya bushe. Mai hali ya yi biyu yana musanyawa. Wanda ɗaya gare shi, kamar mai gadin nan namu, ya kwance igiyar gaba ɗaya da ya dawo gida, ya zare shimfiɗar ciki, ya baje su a rana ko inda iska ke kaɗawa, ya cusa tsohuwar jarida a ciki da dare ta tsotse damshin. Duk lokacin da aiki bai tilasta masa ba, ya zauna da buɗaɗɗen takalmi. Safa kuwa a sauya ta kullum, mai yawan gumi ya tafi da ta biyu ya sauya da azahar. Wankin ruwan sanyi ba ya kashe ƙwayar gaba ɗaya, ruwa mai zafin da ya kai digiri 60 shi ke kashe ta. Sai a jiƙa safa a ruwan zafi kafin a wanke, a juya cikinta waje, a shanya a rana har ta bushe ƙarau. Hodar maganin fangas tana taimakawa idan an barbaɗa ta cikin safa da takalmi, amma taimako ce, ba ta maye gurbin man shafawa.

Wani abu da ake mantawa shi ne man shafawa na yau da kullum. Da hunturu ana lafta wa ƙafa basilin ko man kaɗe saboda faso da kaushi, kuma daidai ne ga diddige. Amma kada a sa shi a tsakanin yatsu, domin yana rufe damshi a ciki. Haka kuma mai cin ruwa ya riƙa sa safa kafin ya sa gajeren wando, ya ware tsumman ƙafa daban da tawul ɗin jiki. Ta jikin wando da tawul ne ƙwayar ke hawa daga ƙafa zuwa matsematsi, kuma da yawan masu ƙaiƙayin matsematsi da ke ta dawowa, tushen yana ƙafarsu.

Game da dabarun gida, abin da ke damuna shi ne masu ƙona fata. Ana zuba kananzir, ko fetur, ko toka, ko kanwa, ko dakakkiyar tafarnuwa, ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki ba tare da an sirka ba. Zafin da ake ji sai a ɗauka magani ne ke aiki. Ƙuna ce kawai, kuma tana mayar da 'yar tsaga ta zama gyambo.

Lokacin da ba fangas kaɗai ba ne

Ba duk lungun da ya yi fari ne wannan ƙwayar ta ci ba, shi ya sa wani lokaci ana bin ƙa'ida amma ba a ga sauƙi ba. Akwai bakteriyar da ke sa wurin ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa ba tare da ƙaiƙayi sosai ba. Akwai wata da ke yin ƙananan ramuka a tafin ƙafa tare da wari mai ƙarfi, ta fi kama masu gumi cikin but. Wani kuma robar silifas ce fatarsa ba ta so, za a ga ƙaiƙayin ya bi sawun igiyar silifas a bayan ƙafa, lungunan ƙarshe kuwa lafiya lau. A asibiti ana iya kankaro ɓawon fatar a duba a madubin likita a tabbatar, kuma gwajin ya fi fitowa daidai idan ba a shafa komai ba na wasu kwanaki kafin a je.

Mafi hatsari shi ne idan bakteriya ta hau kan cin ruwan. Alamarsa ita ce ƙaiƙayi ya koma ciwo, wurin ya riƙa tsattsafo da ruwa ko mugunya, ya yi ɗoyi, wani lokaci har launin kore-kore ya bayyana a safa. Idan kuma bayan ƙafa ko ƙwauri ya kumbura ya yi zafi, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya zo, to ƙwayoyin cuta sun bi ta tsagar sun shiga ƙarƙashin fata. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma maganin bakteriya na sha ko allura yake buƙata. Mutane da dama da ƙafarsu ke kumbura da zazzaɓi a kai a kai ba su san ƙofar shigar ciwon 'yar tsaga ce a lungun yatsa ba. Masu tundurmi ma haka, kowane sabon kumburi yana ƙara lalata ƙafar.

Mai ciwon suga hukuncinsa daban ne. Jijiyoyin ƙafarsa suna iya mutuwa har ya kasa jin ƙaiƙayi ko raɗaɗi, jini kuma ba ya isa yatsu yadda ya kamata, sai rauni ya ƙi warkewa. Shi kada ya jira alama. Ya buɗa yatsunsa ya duba kullum, idan idonsa ba ya gani sosai wani a gida ya duba masa, kuma ko 'yar tsaga ya gani ya nuna wa ma'aikacin lafiya maimakon ya yi mako 2 yana gwada magani.

Saura batun farce. Idan farcen ƙafa ya yi kauri, ya sauya launi zuwa rawaya ko ruwan ƙasa, yana marmashewa, ƙwayar ta shiga cikinsa, kuma man shafawa ba ya ratsa farce. Daga nan take sake saukowa kan fata duk lokacin da aka warkar da lungu. Haka idan dukkan tafin ƙafa ya bushe ya yi kauri yana zubar da gari-gari, wanda ake yawan ɗauka kaushi ne. Waɗannan biyun su ne ke buƙatar maganin sha. Ga fata likita yakan ba da ƙwayar tabinafin mai miligiram 250 sau ɗaya a rana na mako 2 ko fiye, ga farcen ƙafa kuwa kusan mako 12. Ba magani ne da za a saya kai tsaye ba, domin ta hanta yake bi: mai ciwon hanta, da mai ciki ko shayarwa, da mai shan wasu magunguna, dole likita ya sani, kuma idan za a daɗe ana sha akan gwada lafiyar hanta tukuna. Ƙwayar ketokonazol ta sha kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka yi gargaɗi a kanta saboda illarta ga hanta, bai kamata a sha ta don ciwon fata ba, ko da yake man shafawarta ba shi da wannan matsalar. Wanda ya gama maganin farce kada ya ɗauka bai yi aiki ba don ya ga farcen bai sauya ba. Tsohon ɓangaren ba ya gyaruwa, sabon ne ke fitowa lafiyayye daga tushe, kuma farcen babban yatsa yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya sabunta gaba ɗaya.